Ƙarar da ta ƙi barin kunnen Abba

Yaya Bilki, Badarawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ƙanina Abba, shekararsa 16, a hannuna yake tun rasuwar mahaifiyarmu. Bayan an gama jarrabawar Neko, 'yan ajin da ke gaba da su suka haɗa fatin kammala makaranta a wani ɗakin taro, ya roƙe ni na bar shi ya je. Tun bayan la'asar sai wajen tara na dare ya dawo. Da na yi masa magana a ƙofa sai da na maimaita sau biyu, ya ce kunnensa ne kamar an cusa auduga, kuma yana yi masa wiii. Na ce ya je ya kwanta, gajiya ce. Kwana biyu abin ya wuce, duk muka manta.

Bayan mako uku aka yi bikin 'yar kawunmu. Kamu, ranar ƙauyawa, dina, kwana uku a jere Abba na maƙale da dije, shi ne ɗauko waya, shi ne gyara sifika. Tun daga nan ƙarar ta dawo, kuma bai gaya wa kowa ba. Shekaranjiya da dare aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Wajen ƙarfe biyu na fito zan kama ruwa, na tarar da shi zaune a kan turmi a tsakar gida ya dafe kai. Ya ce, "Yaya, don Allah ke ma kina jin kukan gyaren nan?" Wallahi babu wani gyare, gidan tsit yake. A nan ya faɗa min yau sati uku ke nan, na hagu ya fi, kuma da iyafis yake kwana yana jin waƙa don ta danne ƙarar. Me zan yi masa?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, dattin kunne ne. Ina da kemis a Kawo, kullum irinsu nake gani. Ki sa masa maganin ɗigawa kwana uku ya yi laushi, a wanke, shi ke nan.

Maman Walida: Mu dai tun muna yara in kunne ya yi kuka cewa ake wani ne ke ambaton ka. Amma sati uku kam ya wuce ambato. Ki gwada ɗan man zaitun mai ɗumi, ki haɗa da addu'a. Allah ya ba shi lafiya.

Malam Sani Rigasa: Ai daga baya kenan. Me ya kai yaro ɗan shekara 16 wurin casu tun farko? Wannan ita ce tambayar.

Yaya Bilki: Malam Sani na ji, kuma na karɓi nawa laifin. Amma na biyun a gidan kawunmu aka yi, da iyaye da kakanni a zaune. Yanzu kunnen ne a gabana.

Sista Hauwa: Bilki sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro. Abu na farko, kar a ɗiga masa komai tukuna, ko mai ko magani, sai wani ya haska ya ga dodon kunnen. Baban Ummi, maganarka da ƙamshin gaskiya, datti idan ya toshe kunne yana sa ƙara. To amma duba yadda labarin ya zo. Ƙarar ta fara ne daren fati, ta tafi, ta dawo daren biki. Datti bai san ranar biki ba. Kuma in aka yi rashin sa'a akwai huji a dodon kunnen, wasu magungunan ɗigawa, irin masu jentamaisin, suna iya wucewa ciki su ƙara ɓarna.

Abu na biyu, iyafis ɗin dare ya tsaya daga yau. Kunnen da ya ji rauni hutu yake so, shi kuma yana ɗura masa sauti har asuba.

Baban Ummi: Sista na yarda a fara dubawa. Amma in ba datti ba ne, mene ne ke yin ƙarar? Ai an kashe kiɗan tun sati uku.

Sista Hauwa: Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan abu a nannaɗe kamar dodon koɗi, bai wuce girman ƙwayar wake ba, cike da ruwa. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi a kai, kimanin 15,000 a kowane kunne. Sauti in ya shigo shi ke kaɗa su, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Ka taɓa ganin gonar dawa bayan iskar damina? Wata karan ta kwanta ne kawai, kwana biyu ta miƙe. Wata ta karye, ta tafi ke nan. Daren fatin farko kwanciya suka yi, shi ya sa ya ji kamar auduga, shi ya sa kuma ya warware. Na biyun an sake bi ta kansu kwana uku babu hutu. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa a jikin ɗan Adam.

Ita kuwa ƙarar, yawanci ba daga waje take ba, ba ma daga dodon kunne ba. Ƙwaƙwalwa ce ta daina samun saƙon da ta saba samu daga wurin da ya ji ciwo, sai ta ƙure nata ƙarfin tana laluben sa. Kamar a ƙure amfilifaya ba a sa waƙa ba, ai za ka ji tana shuu ita kaɗai.

Abin da ke damuna a irin wannan labarin shi ne wancan karon na farko. Yara suna ɗauka tunda ta tafi, to ba komai. Har alfahari suke, wai in kunne bai yi kuka ba fati bai yi armashi ba. Alhali kukan nan shaida ce cewa an zarce abin da kunnen zai iya ɗauka.

Dije Ɗan Barnawa: Ku yi haƙuri in sa baki, tunda sana'armu aka taɓa. Shekara tara ina wannan aiki. Kusan kullum in na tashi daga wurin biki kunnena yana wannan ƙarar, kuma ga ni ina ji garau. Kunne yana sabawa. Yaron bai saba ba ne kawai.

Alhaji Garba Kakuri: Ɗana, dije, saurara ka ji. Na yi shekara 22 a ɗakin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri lokacin da suke aiki. A ɗakin nan da hannu muke magana, da karanta leɓe. Satin farko in na dawo gida kaina kamar ana buga ganga. Bayan wata shida na daina damuwa, na ce na saba, kamar yadda ka ce ɗin nan. Ashe ba sabo ba ne, jin ne yake tafiya a hankali. Ana ba mu abin toshe kunne wani lokaci, mu zuba a aljihu, wai zafi.

Yau in mutum ɗaya yana min magana a ɗaki ina ji. Amma a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, in mutum uku suka haɗa baki, sai dai in riƙa gyaɗa kai ina murmushi ban san me aka ce ba. Jikata in tana karanta min haddarta muryar nake ji, kalmomin ba sa fita. Ƙarar kuwa tana nan, ko yanzu da nake rubutun nan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dije Ɗan Barnawa: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma naku inji ne kullum, awa takwas. Namu kiɗa ne, kuma na 'yan awoyi.

Sista Hauwa: Kunne bai san bambancin inji da waƙa ba, ƙarfin sautin ya sani da tsawon lokacin. Bari in yi maka lissafin, ba shi da wuya. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar da muke yi ta yau da kullum wajen 60 ce. A ƙa'idar da ake bi ta kare ma'aikata, 85 ita ce iyakar awa takwas a rana. Duk sanda aka ƙara uku, sai lokacin ya ragu da rabi. Wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 97 rabin awa, 100 minti goma sha biyar.

To kusa da manyan sifikun biki, sauti yana kai 100 cikin sauƙi, yana ma wucewa. Mu ɗauka 100 ɗin ce Abba ya tsaya a ciki awa huɗu. Minti goma sha biyar sau nawa ne a awa huɗu? Sau goma sha shida. A yamma ɗaya ya ɗora wa kunnensa kason kwana goma sha shida. Sai kuma ya maimaita kwana uku a jere a bikin. 'Yan awoyin naku ke nan.

Injiniya Musa: Ina da manhajar auna sauti a waya, na taɓa gwadawa a wata dina. A teburinmu na baya tana nuna tamanin da wani abu, da na matsa gaban sifika ta haura ɗari. Ban san ingancinta ba dai, wayar ba ta tsada ba ce. Abin da na sani daga karatu shi ne a fili, in ka ninka tazarar da ke tsakaninka da sifika, sautin yana sauka da kimanin desibel shida. A cikin ɗaki bai kai haka ba saboda bango yana dawo da shi.

Sista Hauwa: Haka ne Injiniya, kuma shida ɗin nan ba kaɗan ba ce, lokacin da mutum zai iya zama ya ninka sau huɗu ke nan. Wanda ba shi da manhaja ga gwaji mai sauƙi: in mutum yana tsaye tazarar miƙa hannu da kai, amma sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka, to wurin ya kai haddin da ke cutarwa.

Bilki, ki kai shi a yi masa gwajin ji cikin satin nan. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garin nan take, mutane daga wasu jihohi suke tahowa. Ki tambaye shi kuma ko ya sha wani magani kwanan nan, don kwinin da asfirin mai yawa su ma suna sa kunne kuka. Ga sauran jama'a: in mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, ko ƙarar ta zo da jiri, ko ruwa na fita, ko tana bugawa daidai da bugun zuciya, wannan ba na jira ba ne. Musamman ɗaukewar ji farat ɗaya, maganinta a kwanakin farko ya fi aiki, a je a ranar.

Maman Walida: To ni nawa tambayar daban ce. Walida tana yawan sosa kunne da tsinken ashana, har jini ya taɓa fita. Shi ma wannan ciwon ne?

Sista Hauwa: A'a Maman Walida, wannan a hanyar waje ne. Ki raba ta da tsinken, ki kai ta a duba ƙaiƙayin.

Yaya Bilki: Salam. Mun je asibiti yau, bari in ba ku labari tunda kun damu da mu. Likita ta haska kunnuwan biyu, ta ce dodon kunne lafiya lau, dattin ma kaɗan ne. Daga nan aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri, aka sa masa abin ji a kai, aka ba shi maɓalli, duk sanda ya ji ɗan sauti ya danna. Ina kallon sa ta gilashi. Akwai inda na ga mai gwajin yana ta maimaitawa, Abba ya runtse ido, yatsansa na kan maɓallin bai danna ba. A nan ne hawaye ya zubo min.

An ba mu takarda mai layi biyu, ja na dama, shuɗi na hagu. Jan yana tafiya kusan a miƙe. Shuɗin ma haka, sai da ya zo wurin da aka rubuta 4000 ya faɗa ƙasa zuwa 35, sannan ya sake hawa. Sun ce wannan ramin shi ne tambarin ɓarnar da sauti mai ƙarfi ke yi. Na tambayi Abba, ashe a bikin sifikar tana gefen hagunsa ne duk kwana ukun. Ba su ba mu ƙwaya ko ɗaya ba. Sun ce mu dawo bayan wata uku a sake gwaji.

Baban Ummi: Allah ya sa kaffara ne. Na janye batun datti. Amma a ce ko bitamin ba a ba shi ba? Akwai wasu da ake sayarwa na ƙarar kunne, mutane na saye.

Sista Hauwa: Suna saye kam, amma babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe irin wannan ƙarar, gara kuɗin ya tafi wurin abin kariya. Bilki, takardar ba ta yi muni ba. Abin da lambarsa ba ta wuce 25 ba, wato can saman takardar, ana lissafa shi cikin ji na lafiya, nasa a wuri ɗaya ne ya sauka. Wurin nan na siraran sautuka ne, irin su "s" da "sh" da "f", shi ya sa masu irin wannan suke cewa suna jin magana amma ba ta fita, musamman cikin hayaniya. Abin da Alhaji Garba ya kwatanta ke nan, nasa ramin ne ya faɗaɗa da shekaru. Aikin yanzu a hana na Abba faɗaɗa.

Da dare kar a bar shi cikin shiru tsit, shiru ne ke fito da ƙarar. Fanka, ko rediyo a ƙasa-ƙasa a gefen ɗaki, ba a cikin kunne ba. Kuma ki kwantar masa da hankali, tsoro da rashin barci suna ƙara mata ƙarfi.

Yaya Bilki: Tambayar da yake ta yi min ita ce, za ta tafi?

Sista Hauwa: Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Wasu tana tafiya cikin watanni. Wasu tana nan amma ƙwaƙwalwa ta daina kula ta, kamar yadda mai gida a bakin titi yake daina jin motoci. Mafi yawa dai tana raguwa da damun mutum.

Malam Sani Rigasa: Magani ɗaya ne, a hana shi zuwa ko'ina. Kuma a daina kawo dije gidajen biki.

Anti Rabi Malali: Malam, ko an hana shi biki, janareta fa? Injin markaɗe fa? Ɗan maƙwabciyata a Panteka yake koyon aiki, guduma da injin yankan ƙarfe tun safe. Kai ko wurin wa'azi da maulidi wani lokaci ana ƙure lasifika, yara na zaune a gindinta. Ni abin da ya fi tsaya min a rai jarirai ne. Uwa ta goyo ɗa ta shiga fili tana liƙi, kan yaron daidai bakin sifika.

Dije Ɗan Barnawa: Gaskiya maganar Baba ta hana ni barci jiya. Matata ta daɗe tana cewa ina ƙure talabijin. Amma ku fahimce mu, in na rage, ƙawayen amarya ne za su zo su ce kayana ba su da ƙarfi, gobe a kira wani. Abin da zan iya, in ɗaga sifikun a kan ƙarfe sama da kan mutane, in hana yara zama a gabansu. Ragewa kam sai masu biki sun yarda. Sista, auduga tana yi? Ita nake ɗan sawa wani lokaci.

Sista Hauwa: Auduga kusan ba ta tare komai, sai dai ta sa ka ji kamar ka kare kanka. Nemi abin toshe kunne na soso, ana samu wurin masu sayar da hular kwano da takalman ma'aikata, ba shi da tsada. Sa shi ne mutane ba su iya ba. Ka murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri. Ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama da baya don hanyar ta miƙe. Ka tura, ka riƙe da yatsa kamar daƙiƙa talatin har ya kumbura. In ya zauna daidai, muryarka za ta yi maka kauri kamar kana magana cikin randa, kuma wanda ke kallon ka ta gaba da ƙyar zai hango shi. In rabinsa na leƙe a waje, bai yi aiki ba. Wanda ya zauna da kyau yana iya rage desibel ashirin ko fiye. Akwai kuma na makaɗa, na roba, wanda ke rage ƙarfi ba tare da ya dusashe waƙar ba, shi ya fi dacewa da kai. Kuma ka je a gwada ka.

Dije Ɗan Barnawa: Zan duba. Gwajin ne dai nake jin tsoron abin da zai nuna.

Injiniya Musa: Ni har yanzu ina zargin iyafis ɗin ya fi fatin laifi. Yaran nan awa nawa suke yi da shi kullum?

Sista Hauwa: Zai yiwu shi ya share fage, amma to me ya sa hagu kaɗai, alhali iyafis kunne biyu ake sawa? Ba za mu iya raba su ba yanzu. Duk asusu ɗaya suke ci.

Yaya Bilki: Salam 'yan uwa, na dawo da labari bayan wata uku. An sake gwaji, ramin yana nan amma bai ƙaru ba. Ƙarar ta ragu, ya ce da rana sai ya tuna da ita yake jin ta, da dare kuwa in fanka ta tsaya tana nan. Na saya masa ƙaramar fanka mai caji. Iyafis ya koma na rana kawai, ba ya wuce rabin ma'aunin waya, in ya yi awa ɗaya ya cire.

Soson kunnen ne muka sha fama. Na farkon da na sayo ruwan lemo ne, ya ce wallahi ba zai sa ba, abokai za su ce masa kurma. Sai da na samo masu launin fata. Ranar Asabar aka yi bikin abokin yayanmu a Unguwar Rimi. Na ce ya zauna a gida, ya ce zai je, na bar shi amma idona na kansa. A bakin ƙofa na ga ya tsaya ya juya baya, ya zagayo da hannu ta bayan kai yana jan kunne. Ya nemi kujera can baya kusa da masu rabon abinci, kuma sau biyu na ga ya fita waje ya sha iska. Wani ɗan ƙanwar ango, bai fi shekara shida ba, ya je ya manna bayansa da sifika yana jin daɗin yadda take girgiza shi. Abba ya tashi ya kamo hannunsa ya kai shi wurin uwarsa. Abokansa biyu sun yi masa dariya, ɗaya kuma ya tambaye shi ko yana da wani soson.

Alhaji Garba Kakuri: Madalla. Ki gaishe min da shi, ki ce Baba na Kakuri ya ce ya riƙa ajiye biyu a aljihun kowace riga.

Anti Rabi Malali: Dije Ɗan Barnawa, kai fa? Ka je gwajin?

Dije Ɗan Barnawa: Soson dai na saya, ina sawa. Gwajin sai bayan Sallah in sha Allah, yanzu aiki ya yi yawa.

Sista Hauwa: Rabin awa ne gwajin gaba ɗaya. Safiyar da ba ka yi aiki a daren jiyanta ba za ka je, don kunnen ya huta kafin a auna.